Yadda Mai Shagon Atamfa da Shadda Zai Tsara Sari da Rangwame Kafin Sallah

Kasuwar yadi ba ta kai wa jajibere. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai shagon atamfa, shadda da leshi ya riƙe kafin ya ɗaga ƙafa zuwa Kantin Kwari. Wanda ya sayi turmi ba ɗaura shi zai yi haka nan ya tafi Idi ba, sai ya kai wa tela, shi kuwa tela yana da ranar da yake rufe karɓar ɗinki. Telolin da suka yi suna, musamman masu aikin wuya da masu saka duwatsu a kayan mata, wasu tun kafin a kama azumi suke cewa sun cika. Galibin telolin unguwa kuma kafin a kai tsakiyar azumi sun fara kawar da kai idan sun hango mutum da leda. Daga ranar da suka rufe, turmin da ke kan kantarka ya daina zama kayan Sallah, ya koma kayan jiran biki. Don haka duk lissafin da za ka yi, daga baya za ka faro shi: ranar Sallah, ranar rufewar teloli, sannan ranar da ya kamata kaya su iso shago.

Fara da kalanda, ba da kuɗi ba

Ɗauki takarda ka rubuta ranar da ake sa ran Ƙaramar Sallah za ta faɗo. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, shi ya sa Sallah take matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A Najeriya an yi ta ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sai ranar 30 ga Maris a 2025. Ainihin ranar sai Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, amma bambancin bai wuce kwana guda ba, kuma wannan ba zai ɓata maka tsari ba.

Abin da zai iya ɓata maka tsari shi ne inda ranar ta faɗa a watan Turawa, domin ma'aikaci da albashi yake yin kayan Sallah. A 2025 Sallah ta zo daidai ƙarshen wata. Ma'ana albashin da ya shigo gab da ita ya makara wa tela, sai ya tafi a kan kayan kanti, takalma da huluna. Wanda zai ɗinka kuwa da albashin Fabrairu ya sayi yadi, a daidai kamun azumi. A 2024 kuma albashin Maris ya shigo ne wajen ashirin ga azumi, ya tarar da teloli sun cushe. Idan yawancin masu sayayya a wurinka ma'aikata ne, nemo albashin ƙarshe da zai shigo kafin teloli su rufe, ka zagaye shi da biro. A wannan makon kake so shagonka ya kasance a cike. Idan manoma ne, kalli rumbu maimakon albashi: bayan kaka akwai kuɗi a hannu, da damina ta kawo jiki kuwa kowa taki da iri yake tunani.

Sai ka je wurin telolin da abokan cinikinka suke kai ɗinki, uku ko huɗu sun isa, ka tambaye su yaushe za su daina karɓa. Kada ka tsaya a kan amsar baki, domin tela ba ya son a ji ya rufe. Tambaye shi bara ranar nawa ga azumi ya karɓi ɗinkin ƙarshe da ya samu fita kafin Idi. Idan yawancinsu suka ce wajen sha biyar ga wata, to sha biyar ga azumi ita ce ranar da kasuwar yadinka take sauka, kuma duk turmin da ka saro don Sallah ya kamata ya bar shago kafin nan.

Akwai wani abu da ƙananan 'yan kasuwa ba su cika lura da shi ba. Kaso mai yawa na atamfa, leshi da shadda masu sauƙin kuɗi daga Sin ake shigo da su, kuma masana'antun can suna rufewa na makonni saboda hutun sabuwar shekararsu, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A 2025 ranar 29 ga Janairu aka yi shi, azumi kuma ya kama a farkon Maris. Yanzu da azumi ya matso kusa da wannan hutu, zanen da ya ƙare a hannun dila ba lallai ya dawo kafin Sallah ba. In dila ya ce maka "wani na hanya", tambaye shi ko kayan sun sauka a Legas ko har yanzu suna kan ruwa.

Littafin bara

Adadin da za ka saro ba daga zuciya yake fitowa ba, ba kuma daga bakin dila ba. Daga littafin cinikin bara yake fitowa. Buɗe shi daga tsakiyar Sha'aban zuwa jajibere ka fitar da abu uku: nawa ka sayar a kowane aji na kaya, nawa ya yi kwantai, da nawa aka nema ba ka da shi. Na ukun shi ne wanda kusan kowa ba ya rubutawa, alhali shi ne yake nuna inda kuɗi ya wuce ka. Idan ba ka rubuta bara ba, duba rasitan sarinka ka cire abin da ya rage a shago, ka zauna da yaron shago ku tuno abin da aka yi ta tambaya. Bana kuma ka ware shafi guda a bayan littafi, duk wanda ya fita hannu rabbana saboda babu abin da yake so, a rubuta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Farashin da zan sa na misali ne kawai don lissafi ya fito, kai sai ka musanya da na ranar da za ka shiga kasuwa. A ce mai shago ne a Funtuwa, yana sari a Kano, jarinsa na wannan kakar naira miliyan huɗu. Littafinsa ya nuna bara ya sayar da turmi 180 na atamfa, kuma an nemi kusan 25 bai da su, galibi masu matsakaicin kuɗi. Ke nan kasuwarsa ta gaskiya ta kai turmi 205. Ba zai ɗora buri a kai ba, sai ya tsayar da 200: turmi 120 mai araha, 65 matsakaiciya, 15 mai tsada. A shago yana da ragowar 20, sha biyu mai araha da takwas matsakaiciya, waɗanda zanensu bai tsufa ba. Abin da zai saro ke nan turmi 180.

A kula da yadda rabon ya rinjayi ƙasa da tsakiya. Mai tsada tana da daɗin ajiyewa a gaban shago, ribar turmi ɗaya ma ta fi kauri, amma ita ce take danne jari. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya bakwai ba Holan zai saya wa kowa ba. Haka nan a shadda: gezna ta ainihi, wadda ake yi a ƙasar Ostiriya, masu sayenta sanannu ne, kuma sun san inda suke zuwa. Idan ba ka da su a littafi, kada ka saro ta da fatan za su ɓullo. Wanda ya nema, karɓi kafin alƙalami ka kawo masa.

Raba jarin gida huɗu

Kafin a taɓa sari, mai shagon namu zai cire naira 400,000 ya ajiye gefe. Wannan na kuɗin mota ne, da 'yan dako, da ledoji, da man janareta na daren goman ƙarshe, da ihsanin yaran shago. Idan a watan azumi shekarar zakkarka take cika, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suka saba, ka lissafa ta tun yanzu, ɗaya bisa arba'in na abin da ya wajaba a kansa, don kada ta same ka kuɗi duk sun zama turame. Saura naira 3,600,000, ita za a raba uku.

Sari na farko shi ne mafi girma, naira 1,800,000, kuma a ƙarshen Rajab ko makon farko na Sha'aban ake yin sa. Dalili biyu ne. A lokacin kasuwa ba ta cika ba, dila yana da lokacin da zai kwance maka ɗaurin kaya ka zaɓi zane, kuma farashi bai fara hawa ba. Na biyu, Sha'aban watan aure ne, mutane suna gaggawar ɗaurawa kafin azumi, saboda haka kayan da ka kawo za su fara fita ta hanyar lefe da anko tun kafin masu Sallah su motsa. A wannan tafiya zai ɗauki turmi 70 mai araha a kan 8,000, wato 560,000. Turmi 35 matsakaiciya a kan 18,000, wato 630,000. Turmi shida kacal mai tsada a kan 45,000, wato 270,000. Sai shadda yadi 85 a kan 4,000, wato 340,000. Shaddar a lissafa ta da biyar-biyar, tunda yadi biyar ne kaftani da wando na babban mutum, goma kuma idan da babbar riga. Yadi 85 yanka 17 ne, babu ragowar yadi biyu ko uku da za su zauna ba mai so.

A wannan sari na farko faɗi ake nema, ba zurfi ba. Gara zane talatin, kowanne turmi biyu ko uku, da zane goma kowanne bakwai. Ba ka san wanda zai kama bana ba, dila ma bai sani ba duk da rantsuwar da zai yi maka. Mata ne za su nuna maka cikin kwana goma. A shadda abin ya fi sauƙi: fara, ruwan madara, shuɗiya mai haske da ruwan toka ba sa kwantai, in ba su fita a Sallah ba za su fita a Juma'a da ɗaurin aure. Launuka masu ihu ne ake ɗauka da taka-tsantsan.

Kafin a ɗaure kaya, buɗe. Ka auna turmi biyu ko uku a gaban dila ka tabbatar yadi shida ne cif, leshi kuma biyar. Duba bakin zane da tambari. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefen atamfa mai araha, in ya ɗauko launi to tana zuba, kuma macen da ta wanke ta ga haka ba za ta koma Kwari ba, wurinka za ta dawo. Abin da yake da tabo ko yankewar zane, ko dai ka mayar a take, ko a rage maka kuɗi kai ma ka sayar da shi a kan mai aibi ne, ka faɗa wa mai saye.

Sari na biyu, kusan naira 1,100,000, na makon farko ne na azumi, kuma ba sabon zaɓe ake yi a cikinsa ba. Abin da ya gudu ake ƙarowa. A lissafin mai shagon namu saura turmi 38 mai araha, 22 matsakaiciya da tara mai tsada, amma wannan rabo a takarda yake, kanta ce za ta yi hukunci. Idan cikin shida masu tsada biyu kawai suka fita, ba zai ƙaro tara ba, sai ya juya kuɗinsu naira 405,000 zuwa matsakaiciya, inda bara ma aka yi ta nema babu. Kuɗin cinikin da ya shigo a tsakani shi zai ƙaro shadda da su.

Yaushe ake kiran dila? Kada ka jira kanta ta yi fayau. Lissafa nawa kake sayarwa a rana, ka ninka da kwanakin da kaya suke ɗauka kafin su iso ka, ka ƙara na kwana biyu saboda tsaiko. Idan turmi huɗu mai araha suke fita kullum, kuma daga kiran waya zuwa sauke kaya a tasha kwana uku ne, to sha biyu za su fita kana jira, ƙari takwas na tsaiko, ashirin ke nan. Ranar da ka ƙirga ka ga saura ashirin, ranar ce ta kira. A azumi ka ƙara tsammanin jinkiri, domin motocin kaya suna cika, direbobi kuma ba kowa yake son tuƙin rana ba.

Akwai kuma ranar da ake daina kira gaba ɗaya. Idan teloli sha biyar ga wata suke rufewa, kaya kuma kwana uku suke yi a hanya, kana kuma bukatar aƙalla kwana biyar ka sayar, to bakwai ga azumi ita ce ranar odar yadi ta ƙarshe. Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya, domin a daidai lokacin ne ciniki yake kan ganiyarsa, shago cike da mutane, zuciya tana cewa ƙaro. Yawancin kwantan da ake gani a shaguna bayan Sallah daga sarin goma ga azumi zuwa sama yake fitowa.

Kashi na uku, naira 700,000, ba na yadi ba ne sam. Na abin da ake saya a saka a take ne: mayafi, gyale, hijabi, abaya, hula, rigunan yara ɗinkakku, takalma, turare. Wannan kasuwa daga tsakiyar azumi take ci har daren Sallah, kuma ita ce take riƙe shagon bayan yadi ya kwanta. A saro su tsakanin goma da sha biyar ga wata. Mayafi da hula sun fi aminci, tunda sun dace da yadin da ka riga ka sayar, ka ma san launukan da mutane suka ɗauka. Takalma da kayan yara kuwa suna da matsalar lamba: tsakiya takan ƙare, mafi ƙanƙanta da mafi girma su zauna. Idan dila ya nace sai dozin a haɗe, ka sa a ranka biyu ko uku a kowane dozin za su kwana, ka sa asararsu cikin farashin sauran.

Farashi

Kuɗin turmi ba shi ne abin da ka miƙa wa dila ba. A ce tafiyar farko ta ci naira 55,000 tsakanin mota, dako da ɗauri. A kan kayan 1,800,000 wannan kusan uku ne cikin ɗari. Turmin 18,000 ya zama 18,550 kafin ya hau kanta, na 8,000 ya zama kusan 8,250. A kan wannan ake ɗora riba.

Sannan ka riƙa tambayar farashin Kwari duk mako ko da ba ka da niyyar sari. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, 'yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya da riba a littafi, suka koma kasuwa suka tarar kuɗin ba zai sayo ko adadin da suka sayar ba. Idan turmin da ka saro 18,000 ya koma 20,000 a wurin dila, farashinka ya bi sabon, domin da shi za ka cike gurbi. Idan kuma ya sauka, sauko da wuri kafin maƙwabcinka ya kawo sabo mai araha ya bar ka da tsohon farashi.

Rangwame: me yake ci, me yake kawowa

Nan ne ake yawan yin asara ana murna. Ɗauki turmin nan na matsakaiciya: ya tsaya maka 18,550, kana sayarwa 22,000, riba 3,450. Ka rubuta a ƙofar shago an rage goma cikin ɗari. Mai saye ya ga an cire 2,200, bai ma ji wani daɗi sosai ba. Kai kuwa ribarka ta faɗo zuwa 1,250. Ribar da turmi goma suke ba ka a da, wato 34,500, yanzu sai ka sayar da 28 kafin ka same ta. Shin rangwamen zai ninka maka ciniki kusan sau uku? A makon da mutane suke tururuwa da kansu, amsar a'a ce. Ka rage wa waɗanda dama sun zo saye ne kawai.

Kwatanta da gyara. Duk wadda ta sayi turmi a ɗora mata ƙaramin mayafi ko hular ciki da ka saro 700, wanda a kanti za a ce mata 1,200. Ribarka ta zama 2,750, turmi 13 sun mayar maka da ta goma, ita kuma ta fita da abu a hannu da za ta nuna a gida. Ga wanda ya sayi shadda, maɓalli mai kyau ko ƙaramar kwalbar turare yana yin wannan aiki. A ganina, a tsakiyar kakar Sallah gyara ta fi ragi kusan ko da yaushe.

Ragin kuɗi yana da wurare uku da yake biyan kansa. Na farko a Sha'aban, lokacin da kake son jawo ciniki ya zo da wuri don kuɗi su juya kafin sari na biyu. Ragi kaɗan ga wanda ya saya kafin a ga wata yana da ma'ana, kuma hujjarka gaskiya ce: tela bai cika ba. Na biyu ga mai saye da yawa. A azumi akwai masu hali da suke sayen atamfa da shadda masu araha turmi ashirin, hamsin, don rabon zakka da kyauta ga 'yan uwa da ma'aikata. Waɗannan ba sa zuwa da kansu su yi ta zaɓe. Ka same su tun Sha'aban, ka ba su farashin sari da ƙaramar riba, su ba da rabin kuɗi, ka saro nasu daban ba daga kayan kanta ba. Riba 600 a kowane turmi cikin hamsin da aka ba da rabin kuɗinsu kafin ka saro ta fi riba mai kauri a turmin da ba ka san ranar fitarsa ba.

Na uku shi ne zanen da ya ƙi. Alamarsa a bayyane take: ya yi kwana goma a kanta, ana ɗagawa ana ajiyewa, ko kashi ɗaya cikin uku bai fita ba alhali na kusa da shi sun ƙare. Fara da sauya masa wuri, ka rataye shi a buɗe kusa da mayafin da ya dace da shi, domin wani zanen a naɗe ba ya nuna kansa. In kwana uku suka wuce bai motsa ba, rage shi tun wajen takwas ko goma ga azumi, lokacin da tela yake karɓa. Ragin 1,500 a ranar yana fitar da shi. Ragin 4,000 a ranar ashirin da biyar ba zai fitar ba, tunda ba mai ɗinka shi. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su riƙe farashi har kasuwa ta mutu sannan su fara karyarwa.

Abu guda da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaga farashi yau a sauke gobe a kira shi rangwame. Mata suna zagaya shaguna, suna kuma tura wa juna hotuna da farashi. Kwana biyu ya isa a gane.

Ajiya, bashi da talla

Biyan kaɗan-kaɗan yana jawo ciniki da wuri idan an yi shi da ƙa'ida. Mai saye ya zaɓi turmi, ya ba da kashi ɗaya cikin uku, a rubuta sunansa a manna a jiki, kayan su zauna a shago har ya cika. A rasit a rubuta ranar ƙarshe, misali goma ga azumi, da abin da zai faru in ta wuce: a mayar masa da kuɗinsa, turmi ya koma kanta. Ranar tana da muhimmanci, don in ka bar ta a buɗe za ka wayi gari ashirin ga wata da turame goma da aka ajiye ba a karɓa ba, kuma lokacin sayar da su ya wuce.

Bashin fita da kaya kuwa, na "bayan Sallah in sha Allahu", ka yanke masa iyaka tun kafin a fara roƙo, misali kada jimillarsa ta wuce biyar cikin ɗari na jari, kuma ga wanda ya taɓa biya a kan lokaci kawai. Bayan Sallah aljihu a bushe yake, ga kuɗin makaranta. Haka nan kai ma idan dila ya ba ka kaya bashi, karɓi waɗanda ba sa tsufa, irin farar shadda, kada ka karɓi sabon zanen da shi kansa yake neman hanyar rabuwa da shi.

Talla ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Hoton da aka ɗauka da hasken safe a bakin shago, zane a buɗe, farashi a rubuce a ƙasa, ya fi hoto ashirin na dare da ba farashi. A WhatsApp abin da ka ɗora a Status awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka a ɗora lokacin da mutane suke riƙe da waya, bayan an sha ruwa ko bayan tarawi, biyar ko shida a rana, kada a cika. Saƙon da ake turawa ta jerin Broadcast kuma wanda ya adana lambarka kaɗai yake isa, don haka tun Rajab ka riƙa cewa masu saye su ajiye lambar shago. Abin da ya ƙare a cire hotonsa nan take. Telolin nan da ka tambaya tun farko ma 'yan talla ne: ka bar musu ƙyallayen sababbin zane, kai kuma ka riƙa faɗa wa mai saye wane tela ne har yanzu yake karɓa. Mutumin da yake jinkirin saye saboda tsoron rashin maɗinki, wannan labarin kaɗai yana sa ya zaro kuɗi.

A goman ƙarshe shago yana cika da dare, hannu yana yawa. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani ya riƙe kanta. Kaya ba sa fita don an nuna maka hoton tiransifa a waya, sai ka ga kuɗin a asusunka. Ka tanadi hanyar karɓa fiye da ɗaya, na'urar POS da asusun banki biyu daban, domin a irin waɗannan darare ne sabis yake tsayawa; waɗanda suka yi kasuwa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun san yadda ciniki yake mutuwa a hannu saboda hanyar biya.

Babbar Sallah da Disamba

Tsakanin Sallah biyu kusan kwana saba'in ne, kuma kuskure ne a maimaita sarin farko. A Babbar Sallah rago ne yake cin kuɗin magidanci, gidaje da yawa kayan Ƙaramar Sallah suke sake sakawa ko su ɗinka wa yara kaɗai. Ga shi a 'yan shekarun nan tana faɗowa a farkon damina, lokacin da manomi ya zuba abin hannunsa a gona. Littafinka zai nuna maka nawa ta kai idan aka gwada da ta farko. In babu littafi, fara da ƙasa da rabi, ka bar sauran kuɗin a hannu. Ragowar kayan azumi a fara fitar da su ta hanyar bukukuwan Shawwal, domin da an sauko daga Idi ake komawa ɗaurin aure, masu haɗa lefe kuma ba sa damuwa da cewa zane na watan jiya ne matuƙar yana da kyau.

Disamba tana bin kalandar Turawa, ba ta matsawa, shi ya sa ta fi sauƙin tsarawa. Idan shagonka yana Sabon Garin Kano, kudancin Kaduna ko Jos, inda masu Kirsimeti suke da yawa, hanyar lissafin ɗaya ce: ranar 25, a ja baya zuwa ranar rufewar teloli, a sake ja baya zuwa ranar odar ƙarshe, sarin farko kuma ya sauka tun Oktoba ko farkon Nuwamba. A sauran garuruwa cinikin Disamba na anko ne da lefe, ga kuɗin kaka a hannun manoma. Anko kuwa zurfi yake so ba faɗi ba, zane ɗaya turmi talatin ko arba'in, don haka kada ka amsa wa uwar biki sai ka kira dila ka tabbatar yana da adadin a ƙasa, kuma an ba ka rabin kuɗi.